Lissafin Yammacin Jumma'a

Yawancinmu sai daren Lahadi muke tunawa da bukatun Litinin, sa'an nan kuwa lokacin shiri ya wuce. Gara maigida da uwargida su zauna ran Jumma'a da la'asar, minti 20, tun Asabar tana gaba. Bayan addu'a, sai su amsa tambayoyi uku:

1. Me muka gama a makon nan?
2. Me ya rage, me kuma ya hana shi?
3. Wanne ne ba zai jira ba?

Daga nan sai a raba shafin littafi gida huɗu: Rana, Aiki, Mai Yi, Kuɗi. Kada manyan ayyuka su wuce uku, Lahadi kuwa ta sujada ce.

In aiki ya komo Jumma'a uku a jere, alama ce ya yi girma. A ce "gyaran rufi" ne, ga damina ta matso. Sai a gutsuttsura shi: Asabar, maigida ya kira kafinta, Talata, uwargida ta tambayo kuɗin kwano, Alhamis, babban yaro ya sayo kusa. Aikin da ba a rubuta sunan kowa a gabansa ba, Jumma'a za ta tarar da shi yadda aka bar shi.