Hoton Oda Ya Zo, Rubutu Ya Ƙi Karantuwa: Wasiƙar Mai Shago Zuwa Ga Dila

Yawancin masu shagon tireda da ke garuruwan nesa da Kano sun rage hawa mota zuwa kasuwar Singa don sayen kaya. Mutum yana Gumel ko Daura ko Maraɗi zai buga waya ya jero abin da yake so, yaron dila ya rubuta a littafin rasit, ya ɗauki hoton takardar ya turo ta WhatsApp. Mai shago ya duba, ya tura kuɗi, a kai kaya tasha. An huta da kuɗin mota da wahalar hanya, amma cinikin dubban ɗaruruwan naira ya koma rataye a kan hoto guda, wanda sau da yawa a tsaye aka ɗauke shi, cikin duhun sito, hannu ɗaya riƙe da waya ɗaya riƙe da biro.

Idan irin wannan hoto ya zo a dagule, abin da ya kamata mai shago ya yi shi ne ya rubuta wa dilansa wasiƙar neman bayani kafin ya tura ko sisi. Sai dai wasiƙar ma tana da yadda ake yin ta, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Bari mu ɗauki misali, da farashin da muka ƙaddara don sauƙin lissafi kawai. A ce wani mai shago a Gumel ya yi odar suga, man girki da taliya. Da yamma hoto ya shigo. Ba asalin takardar aka ɗauka ba, kwafin ƙasa ne na kabon, shuɗin rubutun ya dusashe. Gefen dama, inda ake sa farashin kowane kaya, bai shiga hoton ba. Abin da ake iya gani shi ne layi huɗu da jimla. Layin farko ya fito sarai: suga buhu 2. Layi na biyu an rubuta mai, sannan 25 x 5. Layi na uku taliya, sai wata lamba da ninkin takarda ya ratsa tsakiyarta, ba a sani ba ko 12 ce ko ½. Layi na huɗu an rubuta Bal 40,000. A ƙasa kuma jimla, 510,000.

Kafin ya ɗauki waya, mai shago mai wayo zai fara da lissafi, don jimla takan tona abin da rubutu ya ɓoye. A ce ya san buhun suga naira 80,000 ne, jarkar mai 60,000, katan ɗin taliya 20,000. Suga buhu biyu 160,000. Mai jarka biyar 300,000. An samu 460,000, saura 50,000 a kai ga jimlar da ke takarda. Katan sha biyu na taliya kaɗai 240,000 ne, ba yadda za a yi ya shiga cikin wannan ragowar. Amma rabin katan 10,000 ne, in aka ɗora masa 40,000 ɗin nan na layi na huɗu, lissafi ya cika cif. Ke nan a rabin katan yaron ya yi kuɗi, kuma ya haɗa da 40,000 a cikin abin da za a biya. Alhali mai shago katan sha biyu ya ce a waya. Ko dai taliyar ce ta ƙare a sito, ko kuma wajen kwafowa daga ƴar takardar da Alhaji ya rubuta aka karanta 12 a matsayin ½. Wannan bambanci ne tsakanin ƙulli goma da ƙulli 240, tunda katan ɗin taliya mai giram 500 ƙulli ashirin yake ɗauka.

Layin mai shi ne ya fi wuyar sha'ani, domin lissafi ba ya raba gardama a kansa. Jarka biyar masu lita 25 lita 125 ne. Galan 25 masu lita biyar su ma lita 125 ne. Kuɗinsu na iya kusantar juna har a kasa gane wanne aka nufa daga jimla. Ga mai shago kuwa ba ɗaya ba ne ko kusa. Wanda kwastomominsa mata ne masu zuwa da kwalba a auna musu na ɗari biyar, jarka yake bukata. In aka sauke masa galan a rufe, kuɗinsa sun kwanta a kanta sai ranar da wani mai biki ko ma'aikaci ya zo a ƙarshen wata.

Sai layi na huɗu. Yaran shago kan rubuta wannan gajeren rubutu da nufin saura, amma sauran me? Yana iya zama tsohon bashin da ake bin mai shago, yana iya zama canjinsa da ya rage a hannun dila daga cinikin baya. Na farko ƙari ne, na biyu ragi. In aka juya su, an yi kuskuren 80,000 a zama ɗaya.

Yanzu ga wasiƙar da irin wannan hali ke bukata:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yini lafiya, ya kasuwa, ya iyali? Na ga hoton odar da aka turo yau da la'asar, na gode. Na maido shi tare da wannan saƙo, na zagaye wurare uku da jan layi. Suga buhu biyu daidai ne. Na ɗaya, mai: an rubuta 25 x 5. Ni jarka biyar masu lita 25 nake so, ba galan ba. Haka aka ware? Na biyu, taliya: katan sha biyu na ce, amma da na buga lissafi sai na ga kamar a rabin katan aka yi kuɗi. In akwai, a cika min sha biyun, in babu a gaya min nawa za a samu. Na uku, 40,000 da ke ƙasa: a littafina ba na ganin saura a kaina tun biyan da na yi ranar Litinin. Don Allah a duba min ko na mene ne. Ina roƙon a sake ɗauko takardar gaba ɗayanta har da gefen farashi. Kuɗi na hannu, da na ji daga gare ku zan tura, amma a dakata da lodi tukuna. Allah ya ƙara buɗi."

A lura da abin da wannan wasiƙa ta kauce wa. Ba ta ce "ban gane ba" ta yi shiru. Wannan ita ce tambayar da aka fi turawa, kuma ba ta da amfani, don dila mai mutum goma a gabansa bai san wane layi ake nufi ba. Abin da zai yi shi ne ya ce wa yaro ya sake turawa, yaro ya turo hoton nan dai na ɗazu. Wasiƙar kirki tana faɗin abin da aka gani, ta faɗi abin da mai ita ya fahimta, ta bar wa wanda aka tambaya aiki kaɗan: ya ce e, ko a'a, ko ya faɗi lamba. Kuma an rubuta adadin da kalmomi, sha biyu, jarka biyar, saboda lamba ce ta jawo rikicin tun farko.

Maganar 40,000 kuwa da lallami aka shigo da ita. Bai ce an yi masa coge ba, cewa ya yi a duba masa. Dila ba abokin cinikin rana ɗaya ba ne, shi ne mai ba ka kaya bashi ranar da jari ya karye. Galibi ma ba shi ya yi rubutun ba, kuma in ka zargi yaronsa da ha'inci kan abin da kuskuren alƙalami ne, ka sayi gabar wanda zai riƙa ware maka kaya gobe. Wasu na ganin yawan tambaya rashin yarda ne, suna jin nauyin Alhaji. Ni ban ga haka ba. Malaman fiƙihu sun sa sanin kaya da sanin farashi cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dan kasuwar da ya san abin da yake yi ya fi son a tambaye shi da la'asar a kan a dawo masa da kaya bayan kwana uku.

Akwai wani tarko da masu ciniki tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram suka sani. Wanda ya yi boko a Nijar yakan rubuta 1 da doguwar ƙafa a gaba, ya kuma ratsa 7 da ɗan layi a tsakiya. Idon da ya saba da rubutun Najeriya sai ya karanta wannan 1 ɗin a matsayin 7. Ga kuma lissafin baki, inda a Nijar ake ƙirga sefa da dala, dala ɗaya sefa biyar, don haka ɗari a baki 500 ce a takarda. Duk wasiƙar da za ta tsallaka iyaka sai ta faɗi ko naira ake nufi ko sefa.

Gyaran hoton kansa ba wuya. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, shi ya sa ƙananan lambobi ke narkewa in an buɗa su. Tun 2023 akwai alamar HD da ake taɓawa kafin turawa, ko kuma a tura hoton ta hanyar Document, wanda ke isar da shi yadda aka ɗauka. A shimfiɗa takardar a kan tebur, a fito da ita haske, a ɗauki farar ta sama maimakon ta kabon, a tabbata kusurwoyinta huɗu sun shiga.

Amsa kuma sau da yawa da murya za ta zo, cikin hayaniyar ƴan dako da ƙarar janareta. Kada a tsaya a nan. Mai shago ya saurara, sannan ya rubuta abin da ya ji a layi biyu: jarka biyar, taliya katan sha biyu, an cire 40,000, sabuwar jimla 700,000. Ya nemi Alhaji ya amsa da "haka ne". Wannan ɗan rubutun shi za a nuna wa direba a tasha wajen ƙirga kaya, shi kuma za a buɗe in an samu saɓani, domin ba mai haƙurin neman magana ɗaya cikin saƙon murya na minti huɗu.

In kuma mota na shirin tashi, amsa ba ta zo ba, to a ce a loda abin da ba shakka a kansa, wato suga buhu biyu, a biya 160,000 ɗinsa. Mai da taliya su jira motar gobe.