Ladabi a wutsiyar jimla: ạ da nhé a harshen Biyetnam da matsalar fassara su

Aikatau a harshen Biyetnam ba ya sauya siffa don nuna lokaci ko mai aiki, balle girmamawa. Ana ɗora nauyin ladabi a kan kalmomin dangantaka da ke zama wakilan suna, da kuma wasu ƙananan kalmomi da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Biyu daga cikinsu sun isa a gane matsalar mai fassara: ạ da nhé. Ba sa ƙara komai a kan labarin da jimla ke ɗauke da shi. Aikinsu shi ne nuna matsayin mai magana a gaban mai sauraro.

Kalmar ạ daga ƙasa take tafiya zuwa sama: daga ɗa zuwa mahaifi, daga ɗalibi zuwa malami. Ɗalibin da ya kammala aiki zai ce wa malaminsa: Em làm bài xong rồi ạ. Kalma bayan kalma, em ƙane ne ko ƙanwa, kuma da ita ɗalibi ke kiran kansa. Làm bài yin aikin makaranta. Xong rồi an riga an gama. Idan aka cire ạ, nahawu bai ɓaci ba, labarin ma bai canza ba, sai dai jimlar ta bushe. Idan kuma aka zubar da em tare da ita, an faɗa cikin abin da masu harshen ke kira nói trống không, wato magana tsirara, wadda iyaye ke tsawata wa yara a kanta.

Ita kuwa nhé tsakanin tsara take yawo, ko daga babba zuwa ƙarami, kuma a kudancin ƙasar an fi jin ta da siffar nha. Tana sassauta umarni ya koma shawara mai neman amincewa. Malamin zai iya amsawa: Mai em nộp bài nhé, wato gobe ɗalibin ya miƙa aikin. Da nhé, umarnin na nan daram, amma an bar wa yaron ƙofar cewa to.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya. Mai fassara ya ga an rubuta cewa ạ ta ladabi ce, sai ya sa "don Allah", ko takwararta ta Faransanci ko Ingilishi. Amma "don Allah" ta roƙo ce, ɗalibin kuwa ba roƙo yake yi ba, sanarwa yake yi. Haka nan "ranka ya daɗe" ta yi nauyi ainun, domin tana janyo fada da sarauta cikin aji. Abin da ya dace shi ne a ɗauke girmamawar daga ƙarshen jimla a kai ta inda harshen da ake fassarawa zuwa gare shi ya saba ajiye ta. A Hausa wurin nan shi ne kiran mutum da matsayinsa: "Malam, na gama aikin." Inda jimlar ta ambaci malamin kansa, jam'in girmamawa na iya taimakawa: "Malam, kun duba?" Faransanci ma yana da irin wannan jam'in, amma Ingilishin yau ba ya bambanta wakilin sunan girmamawa da na saba'a, don haka sai ya dogara da laƙabi da cikakkiyar jimla.

Game da nhé, Hausa ta fi waɗancan harsunan sa'a, tun da tana da nata ƙananan kalmomi, sai dai kowace da launinta. "Gobe ka kawo fa" gargaɗi ne. "Ka kawo mana" na iya nuna ƙosawa. Wadda ta fi kusa ita ce "ka ji?", musamman in an haɗa ta da "sai": "Gobe sai ka kawo, ka ji?" A nan an sami umarnin da lallashin tare, kuma kamar nhé, an fi jin ta daga bakin babba ko aboki.

Akwai iyaka ta yawa. Yaro ɗan Biyetnam na iya rufe jimloli huɗu a jere da ạ ba wanda zai lura, domin gajera ce ƙwarai. In aka maimaita "Malam" sau huɗu a Hausa, sai yaron ya zama kamar mai tsoro ko mai fadanci, halin da marubucin asali bai ba shi ba. Saboda haka ma'aunin fassara shi ne dukan abin da mutum ya faɗa kafin ya yi shiru, ba jimla ɗaya ɗaya ba. Kira ɗaya a farko yakan wadatar.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A cire sunayen masu magana daga hirar da aka fassara, a ba wani mai harshen wanda bai ga asalin ba, a tambaye shi wane ne babba, kuma ko akwai shaƙuwa tsakaninsu. In ya kasa gane babba, an yi asarar ạ. In ya gane babba amma ya ji shi da kaushi, nhé ce ta salwanta.