Ina Kwastomomin Janairu Suka Shiga?

Mai sayar da data ta manhajar waya zai iya ganin sababbin mutane suna tururuwar rajista kowane wata, alhali kasuwarsa tana zurarewa ta ƙasa. Jimillar kwastomomi ba ta nuna hakan, domin sababbin shiga suna rufe gurbin waɗanda suka tafi. Shi ya sa masu nazarin kasuwanci suke raba mutane rukuni-rukuni bisa watan da suka yi rajista, sannan su bi sawun kowane rukuni a cikin jadawali.

Kowane layi na jadawalin rukuni ɗaya ne. Gidajen da ke jere a gabansa kuma suna nuna mutum nawa suka dawo suka yi sayayya bayan wata ɗaya, wata biyu, har zuwa yau.

A ɗauka mutum 200 ne suka yi rajista a Janairu. Bayan wata ɗaya 80 suka dawo, wato kashi 40 cikin ɗari. A wata na biyu suka koma 60, a na uku 56. Faɗuwar farko ce mai zafi, daga nan layin ya fara daidaita, alamar an samu ’yan gida waɗanda suka zauna.

Sai Fabrairu ta zo, mai kasuwar ya raba kyautar data ga duk sabon shiga, mutum 500 suka yi rajista. Murna ta kama shi. Amma bayan wata ɗaya 100 kacal suka dawo, kashi 20 cikin ɗari, rabin abin da Janairu ta riƙe. A wata na biyu saura 60, daidai da na Janairu, ga kuma kuɗin kyautar da aka kashe. Yawancinsu kyautar suka zo karɓa. Wannan gaskiyar takan fito ne idan aka bi jadawalin daga sama zuwa ƙasa, ana gwada rukunoni a shekaru ɗaya, ko a ce watanni ɗaya da shiga.

Haɗa shi ba ya buƙatar tsada. A Excel ko Google Sheets, idan ginshiƙin B yana ɗauke da watan rajista, C kuma tazarar watanni zuwa sayayya, wannan ya isa:

```
=COUNTIFS(B:B,"Janairu",C:C,1)
```

Sai dai dole a fara tace maimaici, don wanda ya sayi data sau goma a wata guda mutum ɗaya ne. Idan aka ga wani gida ya zarce kashi 100, to a nan matsalar take.

Gidan ƙarshe na kowane layi shi ma yana yaudara, musamman idan watan bai ƙare ba: ranar 10 ga wata adadin zai fito ƙanƙane, a tayar da hankali a banza. Haka rukunin mutum 10, inda tafiyar mutum ɗaya take zabge kashi 10 cikin ɗari. Irin wannan gara a haɗa shi da na watan da ke biye kafin a yanke hukunci.