Yaya ake gano saurin canjin y = x^x?

Ka san ƙa'idar x², inda ake sauko da lambar sama a rage mata ɗaya. To, a x^x ba ta aiki, domin lambar saman ma canzawa take yi. Mafita ita ce logaridim, wanda ke sauko da ita ƙasa: ln y = x ln x, muddin x ya fi sifili.

Yanzu nemo saurin canjin kowane ɓangare. Hagu zai ba ka y′/y, dama kuwa ln x + 1. Ninka da y, sai ka samu y′ = x^x(ln x + 1).

Gwada x = 2: amsa kusan 6.77, alhali tsohuwar ƙa'ida 4 za ta ba ka. Wace ce daidai? Latsa 2.01^2.01 a kalkuleta, za ka ga kusan 4.068. Ƙarin 0.068 a tazarar 0.01, wato kusan 6.8 ke nan.