Sarƙar zinari ta yau da kullum: wacce ba ta saurin tsinkewa?

Masu sauraro, idan sarƙar za ta zauna a wuya ne kullum, ana hawa babur da ita tsakanin Maruwa da Garwa ko ana bin shanu, to a fara duba saƙarta. Sarƙa mai faɗi, sumul kamar bayan maciji, 'ya'yanta a matse suke, ba sa juyawa. Da igiyar jaka ta naɗe ta sai ta lanƙwashe, kuma ko maƙeri ya miƙe ta, nan wurin za ta karye. Mai zobba shiga-cikin-juna ta fi juriya, domin kowane zobe yana motsi. In ɗaya ya buɗe ma, maƙeri zai liƙe shi.

Sai kauri. Milimita 2 zuwa 3 ya isa, amma fa kauri yana ruɗi. A ce an nuna miki sarƙoƙi biyu a kasuwar Maruwa, saƙa ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Aka ɗora a sikeli, wannan giram 6, waccan giram 15. Mai giram 6 ɗin cikinta rami ne, da an danne ta sai ta lotsa, gyaranta kuma da wuya. In kuɗin bai kai ba, gara siririya marar rami.

A duba hatimi kusa da maɗauri. 750 karat 18 ke nan, ya fi 875, wato karat 21, tauri.

Kafin ki biya, naɗa ta a yatsa. In ta cije, bar ta. A kuma riƙa cire ta kafin barci.