Shuɗin da ke kan waya ba shi ne na kan takarda ba

A ce amarya ta zaɓi shuɗi mai ƙyalli don katin bikinta, irin kalar ankon ƙawaye. Mai zane ya turo mata hoton a waya, ta ce ya yi. Da aka ɗauko kati 500 daga maɗaba'a sai ga shuɗin ya koma shunayya, ya kuma dushe. Galibi mai inji ake ɗora wa laifi, alhali matsalar tun daga kwamfuta ta taso.

Fuskar waya da ta kwamfuta da haske suke haɗa launi: ja, kore da shuɗi. Wannan shi ne RGB, kowane launi yana tashi daga 0 zuwa 255. Takarda kuwa ba ta ba da haske, tawada ake ɗora mata iri huɗu: shuɗi mai ruwan sararin sama, ja mai ruwan hoda, rawaya, sai baƙi. Shi ne CMYK, ana auna kowace tawada daga 0 zuwa kashi 100. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa amma tawada ba ta kai can, musamman shuɗi mai ƙyalli da kore shar.

Shuɗin amaryar 0, 0, 255 ne a RGB. Da manhaja ta juya shi, sai ta laɓta masa jar tawada kusan daidai da shuɗiyar, shi ya sa ya karkata zuwa shunayya. Da mai zanen ya buɗe aikin a CMYK tun farko, ya sa C100 M70 Y0 K0, da shuɗi ya fito. Ba zai yi ƙyallin na waya ba, amma dai shuɗi ne.

Baƙi ma yana da nasa tarkon. Baƙin RGB idan an juya shi yakan kwaso duka tawadar huɗu. A injin buga aiki mai yawa kowace tawada da farantinta, to faranti ɗaya ya ɗan goce, ƙananan rubutu su fito da inuwa ja ko shuɗiya a gefe. Sunaye da adireshin wurin biki a bar su K100 kawai.

Ba kullum CMYK ke da gaskiya ba. Wasu injinan buga bana da hotuna tawadarsu ta wuce huɗu, masu su sukan fi son a kawo RGB su juya da kansu. Don haka a tambayi mai maɗaba'a kafin a soma zane. Mai aiki da Photoshop ya danna Ctrl+Y, zai ga kwatankwacin abin da takarda za ta nuna. A aika aikin a PDF, domin PNG ba ya ɗaukar CMYK sam. Sannan a buga gwaji guda, a kai wa amarya ta gani da idonta a hasken rana kafin a saki sauran.