An gyara rubutun, fasta ta fito da akwati: neman salon haruffan da ya san ƙugiya

A ɗauka wata makarantar Islamiyya a Kano za ta yaye ɗalibanta, ta ba mai zanen kwamfuta aikin fasta. Samfurin farko ya dawo da kanun labari kamar haka: BIKIN YAYE DALIBAI, a ƙasa kuma an jera sunayen "manyan baki". Malamin Hausa na makarantar ya ce sam, waɗanda aka gayyata baƙi ne, ba wanda ya ce suna da manyan bakuna. Ya zauna ya gyara komai a wayarsa, ya sa wa kowace kalma ƙugiyarta, ya tura. Mai zane ya kwafe rubutun ya zuba a cikin zanensa, sai ga wani ɗan akwati fanko ya tsaya a inda Ɗ ya kamata ya zauna, baƙi kuma ya koma "ba" da akwati da "i".

Malam bai yi kuskure ba, wayarsa ma lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga salon haruffan da mai zane ya zaɓa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da siffar kowane harafi. Kwamfuta ba ta ajiye harafi a matsayin hoto. Lamba take ajiyewa, bisa tsarin Unicode da duniya ta amince da shi, sannan ta tambayi salon da aka zaɓa ko yana da zanen wannan lambar. Lambar ƙ ita ce U+0199. Idan wanda ya ƙirƙiri salon bai taɓa zana komai a wannan gurbin ba, to babu abin da za a nuna.

Haruffan da ake magana a kansu takwas ne kacal: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. A Nijeriya ma shida ne ake buƙata kullum, domin a nan 'y ake rubutawa a kalmomi irin su 'ya'ya, a Nijar kuwa ƴ ake sawa. Amma waɗannan 'yan haruffa ba a unguwa ɗaya suke zaune a cikin Unicode ba, kuma daga nan ne rikicin ya samo asali. Manyan haruffan duka huɗu, tare da ƙaramin ƙ da ƙaramin ƴ, suna cikin rukunin da ake kira Latin Extended-B. Su kuwa ƙananan ɓ da ɗ, masu lamba U+0253 da U+0257, suna can cikin rukunin IPA Extensions, wanda aka tanada domin alamomin masana furuci. Mai ƙirƙirar salo a Turai yakan cike haruffan Faransanci da Jamusanci da Turkanci ya tsaya, yana ganin ya gama. Wani ya leƙa rukuni ɗaya ya bar ɗayan. Shi ya sa ganin ƙ ya fito daidai ba hujja ba ce cewa ɗ ma zai fito, haka kuma ƙaramin ɗ ba ya tsaya wa babban Ɗ shaida.

Akwatin nan da kowa ke jin haushinsa, a gaskiya shi ne mai sauƙin sha'ani, domin ko daga nesa an san akwai gyara. Wanda ya fi cutarwa shi ne harafin aro. Manhajoji da yawa, Word na cikinsu, idan suka nemi harafi a salon da aka zaɓa suka rasa, sai su ɗauko shi daga wani salon ba tare da sun gaya wa kowa ba. A kan allon kwamfuta, da ƙaramin rubutu, ba kowa zai lura ba. Sai an buga bana mai faɗin mita biyu sannan a ga kalmar ƊALIBAI da haruffa shida masu kauri, Ɗ ɗin kuma siriri, tsayinsa ma ya ɗan bambanta, kamar wanda ya sa takalmi wari da wari. Hanyar kama shi ba ta da wuya: a zaɓi harafin shi kaɗai, a dubi sunan salon da manhaja ta nuna a sama. Idan sunan ya sauya daga na haruffan da ke gefensa, to aro aka yi.

Akwai kuma tarko na uku, wanda gadon tarihi ne. Kafin Unicode ya yaɗu, masu rubutun Hausa sun nema wa kansu mafita. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salailan Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna amfani da su. Dabarar salailai na wancan zamani ita ce a ɗauki wani maɓalli da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafi mai ƙugiya a gurbinsa. A wasu an yi amfani da alamomin baka, a wasu kuma q da x da v suka zama ƙ da ɗ da ɓ. Aikin ya biya buƙata a lokacinsa, sai dai a cikin fayil ɗin har yanzu q ɗin q ne. Da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan salon, ko mai zane ya sauya salo, sai ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya. Duk wanda ya ga irin wannan a fastarsa, ya sani cewa sauya salo ba zai warkar da ita ba. Dole a bi rubutun a musanya kowace alama da harafin Unicode na gaske.

To wane salo ne ya san ƙugiya? Mafi aminci su ne waɗanda aka ƙirƙira da harsunan Afirka a zuciya. Ƙungiyar SIL tana da Charis da Doulos da Gentium, masu kama da rubutun littafi, da kuma Andika, wanda aka tsara domin masu koyon karatu, don haka ya dace da fastar makaranta ko ta asibiti. Google kuma yana da Noto Sans da Noto Serif. Duka waɗannan kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kuɗi da su. A kwamfutar da ke da Windows na zamani, Arial da Times New Roman da Tahoma da Segoe UI suna ɗauke da haruffan. Sai dai a kula da kalmar "zamani", domin Arial ɗin da ke zuwa da Windows XP ba shi da su. Suna ɗaya, amma ciki daban.

Inda gizo ke saƙar shi ne kanun fasta. Mai zane ba ya son salon littafi a can sama, yana son wani abu mai kauri da zai ja ido daga tsallaken titi, kuma irin waɗannan salailan na ado su ne suka fi talaucin haruffa. Impact, wanda ya cika fastocin siyasa da na taro, ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Yawancin salailan da ake kwasowa kyauta masu kama da rubutun hannu ma haka suke. A nan Noto Sans yake da rana, domin yana da matakan kauri tun daga siriri sosai har zuwa wanda ake kira Black, kuma akwai matsattsensa mai suna Condensed. Wanda ya haɗa kauri da matsi zai sami kanu mai nauyi wanda bai yi nisa da abin da ya saba samu a Impact ba.

A koma ga fastar makarantar. Abin da ya kamata mai zane ya yi kafin ya zaɓi launi ko hoto shi ne ya rubuta haruffan takwas a jere, ya bi su da jimlar gwaji irin "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwai a ɗaki", sannan ya maimaita ta da manyan haruffa zalla. Ya gwada ta a kan salon yadda yake, ya gwada mai kauri, ya gwada mai karkata, domin sau da yawa kowannensu fayil ne mai zaman kansa kuma ɗaya na iya samun abin da ɗan'uwansa ya rasa. In yana son tabbaci ba tare da manhaja ta rufe masa ido da aro ba, sai ya buɗe Character Map na Windows, ya zaɓi salon, ya duba da idonsa, domin shi abin da ke cikin salon kawai yake nunawa. A Word, idan allon rubutun ba shi da harafin, ana iya buga 0199 a danna Alt da X tare, ƙ ya fito. 018A kuma ya ba da Ɗ. Daga nan sai ya ja baya ya dubi zanen daga nesa. Ƙugiyar Ɓ da ta Ɗ ƙanana ne, a saman hagu suke, kuma a wasu salailan sun yi ƙanƙanta har mai wucewa a kan babur ba zai bambanta Ɗ da D ba. Salon da ke da harafin amma ba a ganin ƙugiyarsa bai gama aikin ba.

Wani ɗan abu da ke kuɓuce wa ko ƙwararru shi ne alamar da ke gaban y. Word yakan ɗauka cewa duk alamar da ta zo a farkon kalma buɗe zance ce, sai ya juya ta, 'yan makaranta su fito da wutsiya tana kallon baya. A ƙaramin rubutu ba komai, a kanun fasta kuwa kowa zai gani. Daidai ita ce mai siffar waƙafi da aka ɗaga sama.

Idan mai aiki ya kafe sai wani salon ado da ba shi da ƙugiya, akwai dabarar ƙarshe: a rubuta D ko K, a mayar da harafin zane, a ɗora masa ƙugiya da hannu daidai da kaurin sauran. Wannan yana yiwuwa ga kanu mai kalma biyu ko uku. Ga jerin sunayen baƙi da wurin taro da "ƙarfe 10 na safe" kuwa wahala ce kawai, gara a sa musu Andika ko Noto a wuce.

Sauran abin da ya rage shi ne tafiya maɗaba'a, kuma a nan ne aikin da ya yi kyau a kwamfutar mai zane ke lalacewa. Kwamfutar mai injin bugawa ba lalle ba ne tana da salon, kuma idan ta rasa shi za ta musanya shi da wanda ta ga dama. Shi ya sa masu CorelDRAW ke mayar da rubutu zane da umarnin Convert to Curves, wato Ctrl+Q, masu Illustrator kuma da Create Outlines. Daga nan haruffan sun zama siffofi, ba su ƙara dogara da wani salo. Amma sun daina zama rubutu, ba a iya goge harafi a sauya wani. Saboda haka sai malam ya karanta samfurin ƙarshe ya amince, a ajiye kwafi ɗaya da rubutunsa a buɗe saboda gyaran gobe, sannan a mayar da ɗayan zane a tura. Wanda zai tura PDF ya tabbata an cusa salon a cikin fayil ɗin, ya kuma buɗe shi a wata na'ura dabam, ko da waya ce, ya nemi Ɗ na ƊALIBAI da ƙ na baƙi kafin a kunna inji.